Taken bidiyona ya cika haruffa 100, amma masu nema ba sa samunsa

Auwalu Mai Gyara:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre, kuma wata huɗu ke nan da na fara ɗora bidiyoyin koyarwa a YouTube da Hausa. Akwai wani bidiyo na minti shida da na fi shan wahalarsa, inda na nuna yadda mutum zai cire ƙura da zaren aljihu daga ramin cajin wayarsa da tsinken sakace, bayan ya kashe wayar, ba tare da ya soka allura ya lalata ƙananan ƙarafan da ke ciki ba. Na yi shi ne saboda a lokacin hunturu ana yawan kawo mini waya a ce ta daina caji, in haska fitila in ga ba abin da ya same ta illa dattin da ya dunƙule a ramin kamar auduga. Wani aboki ya ce in zuba duk kalmomin da mutane za su iya nema a cikin taken, sai na rubuta haka:

`Assalamu alaikum yan uwa sabon bidiyo 2025 gyaran waya gyaran caji gyaran wayar Android Kano Nigeria`

Da na kai ƙarshe akwatin ya ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Yau mako uku, kuma kusan duk waɗanda suka kalla mutanen da na tura wa ne ta WhatsApp. Ina roƙon wanda ya san wannan fanni ya nuna mini inda na kuskure.

Nasiru Gwammaja:
Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. A ganina shawarar abokinka ba ta da laifi, domin na'ura ce ke karanta take kafin mutum ya gan shi, kuma idan kalma ba ta cikin rubutunka da wuya na'urar ta haɗa ka da mai nemanta. Kuskurenka ɗaya ne, wato ka sa sallama a gaba. Ka ɗauko "gyaran waya" ka mayar da ita farko, ka bar sauran yadda suke, tunda an ba ka wuri na haruffa 100 babu dalilin barinsa fanko.

Malam Bashir:
Ina yi wa kowa sallama. Na daɗe ina taya masu tashoshi tsara rubutun bidiyoyinsu, don haka bari in ɗan tsawaita. Malam Nasiru ya yi gaskiya a rabin maganarsa, sauran rabin kuwa ban yarda da shi ba, kuma zan faɗi dalili.

Na ƙirga taken nan harafi bayan harafi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ya cika 100 cif, wanda shi ne iyakar da YouTube ta sa wa take. Daga "Assalamu" zuwa "2025" an cinye haruffa 42 ba a ambaci waya ba, balle caji. To, ba duka haruffa 100 ɗin mai nema yake gani ba. A jerin sakamakon nema, musamman a fuskar waya, ana nuna layi biyu ne ko makamancin haka sannan a datse sauran da ɗigo uku, kuma inda ake datsewar ya danganta da faɗin wayar da girman rubutun da mai ita ya zaɓa. Saboda haka mutumin da ke Kurna ko Sheka riƙe da wayar ƙaninsa, yana neman abin da zai yi wa tasa da ta ƙi caji, abin da zai gani a bidiyonka shi ne sallama da sanarwar cewa sabo ne. Ba zai tsaya ba, domin babu abin da ya ce masa maganin damuwarsa na nan.

Sai dai akwai matsalar da ta fi wannan zurfi, wadda mayar da "gyaran waya" gaba ba zai magance ta ba. Wannan jimla ba ita ce ta bidiyonka ba. Wanda ya rubuta "gyaran waya" yana iya kasancewa matashi ne mai son koyon sana'ar daga tushe, ko wanda gilashin wayarsa ya fashe, ko mai neman shago kusa da shi. Shi kuwa mutumin da ka yi bidiyon dominsa ba ya tunanin sana'arka, matsalarsa yake tunani, kuma da kalmomin matsalar yake nema. Ka tuna abin da masu zuwa teburinka suke fara faɗa idan sun miƙo maka wayar. Wannan maganar ita ce ya kamata ta zauna a farkon taken.

Auwalu Mai Gyara:
Malam Bashir, na gode ƙwarai. Abin da suke faɗa bai wuce biyu ba, ko dai "wayata ba ta caji", ko kuma "sai na danne caja sannan take ɗauka". Ban taɓa jin wanda ya zo ya ce mini yana son gyaran caji ba, ni ne na ƙirƙiro wannan don in cika wuri. Amma ta yaya zan tabbatar cewa abin da ake faɗa a baki shi ne ake rubutawa a wurin nema?

Malam Bashir:
Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar kuɗi. Ka buɗe YouTube, ka fara rubuta "waya ba ta" a akwatin nema ka dakata, kada ka aika. Jimlolin da za su sauko ƙasa suna fitowa ne daga irin abin da mutane ke nema, kodayake tarihin nemanka yana shiga ciki, don haka ya fi kyau ka gwada a wayar wani ma. Ka maimaita da "wayata", da "caji", da "chaji", ka rubuta abin da ka gani a takarda. Idan Hausar ba ta fito da komai ba, kada ka ɗauka babu masu nema, domin harshen da rubutunsa bai yi yawa a intanet ba sau da yawa ba ya cika wannan jeri. A nan sai ka dogara da kunnenka na kasuwa.

Hanya ta biyu tana cikin tasharka. Ka shiga YouTube Studio, ka zaɓi bidiyon, ka buɗe `Analytics`, ka nemi rahoton hanyoyin da masu kallo suka biyo, sannan ka danna `YouTube search`. Idan an samu isassun waɗanda suka zo ta nema, za a nuna maka ainihin kalmomin da suka rubuta. A wannan bidiyo mai yiwuwa ka tarar da wurin babu komai, amma ka duba tsofaffin bidiyoyinka, za ka koyi yadda mutanenka ke rubutu.

Da a ce ni ne, ga abin da zan sa:

`Waya ba ta caji: yadda ake tsaftace ramin caji a gida`

Haruffa 53 ne. Haruffa 15 na farko su ne matsalar kamar yadda mai ita zai faɗe ta, sauran kuma suna gaya masa takamaiman abin da zai koya da kuma cewa zai iya yinsa da kansa. Ko da an datse bayan "tsaftace", ya riga ya fahimci inda aka dosa.

Nasiru Gwammaja:
Malam, da girmamawa, ai kai ma ka maimaita "caji" sau biyu. Mene ne bambancin wannan da "gyaran" da Malam Auwalu ya maimaita sau uku? Sannan ka jefar da Android da Kano, alhali wani zai iya nema da su.

Malam Bashir:
Tambayar tana kan hanya. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in karanta taken da ƙarfi, kamar ina gaya wa wani a baki abin da bidiyon ya ƙunsa. Idan ka ce wa mutum "waya ba ta caji, ga yadda ake tsaftace ramin caji a gida", ka yi magana ce irin ta mutane, kuma kowace "caji" tana da aikinta, ta farko tana faɗin cutar, ta biyu tana faɗin wurin da za a taɓa. Idan kuwa ka ce masa "gyaran waya gyaran caji gyaran wayar Android", babu aikatau, babu abin da kalma ta biyu ta ƙara wa ta farko, jeri ne kawai kamar na mai kiran kaya a tasha. Cushe ba a yawan maimaici kaɗai ake gane shi ba, ana gane shi ne idan ka cire kalma ma'anar ba ta ragu da komai ba.

Game da Kano, ramin caji iri ɗaya ne a Kano da Zinder da Kumasi, kuma wanda wayarsa ta ƙi caji ba ya haɗawa da sunan gari. Da a ce bidiyon yana nuna inda ake sayar da kayan gyara a Farm Centre ne, to da sunan wurin ya zama wajibi a take, har ma a gaba. Android kuwa za ta iya shiga idan abin da aka nuna ya keɓanta da ita, in ba haka ba wurinta shi ne layukan farko na `Description`, inda ake da sarari har haruffa 5000, a rubuta ta cikin cikakkiyar jimla.

Maman Ikram:
Assalamu alaikum. Malam Bashir, a yi mini afuwa in shigo da tawa matsalar, domin tana kama da wannan ta wani gefen. Ni girki nake koyarwa daga gida a unguwar Sharaɗa, kuma ba na cusa kalmomi, amma duk bidiyoyina da sunan shirin suke farawa saboda ina son a san tashar. Na baya-bayan nan shi ne:

`Girkin Maman Ikram kashi na 14: alkaki mai dadi`

A cikinsa na nuna yadda ake barin kwaɓin alkamar ya kwana ya yi tsami, da yadda ake gane ya yi danƙon da za a iya murza shi a naɗe, da zafin man da ya dace, domin abin da ya fi damun masu koyo shi ne alkakin ya farfashe da zarar an jefa shi a mai. Mata da yawa suna tambayata wannan idan lokacin haɗa gara ya zo. Shin dole ne in cire sunan shirin?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba sai kin cire shi ba, matsar da shi za ki yi. A takenki kalmar "alkaki" ba ta fara ba sai a harafi na 33. Sunan shiri da lambar kashi suna amfanar wadda ta riga ta san ki, ita kuwa wannan za ta gane ki ko da sunan yana ƙarshe, tunda sunan tasha yana fitowa a ƙasan kowane bidiyo. Baƙuwar da ba ta taɓa jin labarinki ba, ita lambar 14 tana iya ma korar ta, ta zaci sai ta kalli 13 na baya kafin ta fahimta.

Abu na biyu shi ne "mai daɗi", wadda ba ta bambanta bidiyonki da na kowa ba, domin babu mai cewa nata alkakin ba daɗi. Abin da ya bambanta ki kin faɗe shi da bakinki yanzu, wato farfashewa a mai. Ki gwada wannan:

`Yadda ake alkaki ba tare da ya farfashe a mai ba`

Haruffa 48 ne, kuma akwai sauran wuri idan kina son ƙara sunan shirin a baya, wanda ko an datse shi ba a yi asarar komai ba.

Nasiru Gwammaja:
To a nan ma ina da ja. Idan ƙa'idar ita ce babbar kalma ta zo farko, me ya sa ba a fara da "Alkaki" kai tsaye ba? Na sha ji daga masu wannan harka cewa na'urar tana ba kalmar farko nauyi fiye da sauran, don haka "yadda ake" ɓata wuri ne.

Malam Bashir:
Abin da YouTube ta bayyana game da nema shi ne tana duba yadda take da bayani da abin da ke cikin bidiyon suka dace da abin da aka nema, tana kuma duba yadda masu kallo suka karɓi bidiyon a kan wannan neman, da kuma ingancinsa. Ni dalilin da nake kafa hujja da shi wajen kawo jimla gaba shi ne idon mutum da datsewar rubutu, wanda kowa zai iya gani a wayarsa yanzu. Sannan "yadda ake" ba kamar sallama ba ce, tana cikin jimlar neman kanta. Bahaushe idan yana son koyon abu haka yake rubutawa, yadda ake kaza, kuma haruffa 9 kacal ta ci. Ana nufin jimlar ta kasance kusa da farko, ba lallai kalma guda ta zauna a kujerar farko ko da Hausar ta karye ba. Idan an rubuta "Alkaki yadda ake yi farfashe mai", an sa kalmar a gaba amma an kashe maganar.

Nasiru Gwammaja:
Na karɓi batun karyewar Hausa. Amma har yanzu ina ganin "Alkaki: yadda ake yinsa ba tare da ya farfashe ba" bai karya komai ba, kuma ya fi saurin kama ido. Ni da shi zan tafi.

Malam Bashir:
Wannan ma take ne mai kyau, ba zan hana kowa shi ba.

Sadiya Fagge:
Ni a tawa fahimtar duk wannan ba shi ne matsalar ba. Rubutun ya kamata ya zama manya-manya, fari ko ruwan ɗorawa, a kan hoton da ke da duhu, kuma kada ya wuce kalma uku ko huɗu, domin idan ya yi yawa ba a iya karanta shi a ƙaramar waya. Haka nake yi wa bidiyoyin lallena.

Maman Ikram:
'Yar uwa Sadiya, ina jin rubutun da ke kan hoton bangon bidiyo kike nufi, mu kuma muna magana ne a kan taken da ake rubutawa a akwatin `Title`, wanda ke fitowa a ƙasan hoton ko a gefensa. Amma maganarki ta tuna mini wani abu, domin ni abin da na rubuta a take shi nake sake rubutawa a kan hoton, kalma da kalma.

Malam Bashir:
Shawarar Malama Sadiya daidai take a kan hoton, kuma tana taimaka wa take ta wata hanya. Tunda ana ganinsu tare, bai kamata su faɗi abu ɗaya ba. Idan hoton Malam Auwalu ya nuna tsinke yana fito da dunƙulen datti daga ramin, taken ya samu sauƙi, ba ya buƙatar kalmomin zuzutawa irin su "abin mamaki" ko "dole ka kalla".

Auwalu Mai Gyara:
Akwai abin da ke damuna tun ɗazu. Mutanenmu ba sa rubuta "ba ta caji" a rabe. Saƙonnin da ake turo mini kusan duka "bata chaji" ne, wasu ma "bata charging". Idan na rubuta daidaitacciyar Hausa, anya ba zan rasa su ba? Idan kuma na jera duka ukun a take, na koma gidan jiya.

Malam Bashir:
Nan ne mu masu Hausa muke da wahalar da shawarwarin da ake yaɗawa ba su taɓo ba. Abin da nake yi shi ne in zaɓi siffa ɗaya tak a take, sauran in rarraba su. Akwatin `Tags`, wanda ke ɗaukar haruffa 500, YouTube da kanta ta ce rawar da yake takawa wajen gano bidiyo kaɗan ce, amma yana da amfani idan kalmar tana cikin waɗanda ake yawan kuskuren rubutawa, kuma wannan shi ne ainihin halin da muke ciki. Don haka "bata chaji" da "bata charging" can za su. A bayanin ƙasa kuma kana iya rubuta jimla ta gaskiya, misali ka ce wasu na cewa wayarsu ba ta chaji sai sun danne caja. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a zuba jerin kalmomi tsagwaronsu a cikin bayanin, domin dokokin YouTube sun hana hakan.

Ni a take "ba ta" nake rubutawa a rabe, saboda "bata" a haɗe ana iya karanta ta a matsayin ɓata, kuma "waya bata caji" ta zama magana mai fuska biyu.

Maman Ikram:
To batun haruffa masu lanƙwasa fa, Malam? Ka ga ni "dadi" na rubuta ba "daɗi" ba, saboda na san yawancin masu kallona ba su da ɗ da ƙ da ɓ a allon rubutun wayarsu. Gobe zan ɗora na ƙosai, kuma raina ba ya son in rubuta "kosai", domin na koyar da Hausa a firamare kafin in koma girki, na san ba haka ake rubuta shi ba.

Malam Bashir:
Hajiya, wannan gwaji yake so, kuma kalma-kalma ake yinsa. Ki nemi "yadda ake kosai", ki duba bidiyoyi goma na farko, sannan ki nemi "yadda ake ƙosai" ki kwatanta. Idan jerin bai canza sosai ba, ki rubuta daidai hankalinki kwance. Idan ya canza, to akwai zaɓi a gabanki, kuma ni a irin wannan hali nakan sa siffar da mutane ke bugawa a take, in sa daidaitacciya a kan hoton da cikin bayani.

Maman Ikram:
Zan yi gwajin a daren nan, amma ban yi alkawarin bin wannan zaɓin ba. Idan duk masu rubutu suka bi abin da ake bugawa, yaranmu ba za su ƙara ganin ƙ a ko'ina ba sai a littafin makaranta. Ina ganin zan sa "ƙosai" a take, in sa "kosai" a `Tags`, ko da zan rasa wasu masu kallo.

Auwalu Mai Gyara:
Na canza nawa yanzu zuwa wanda Malam Bashir ya bayar, kuma na ga adireshin bidiyon da adadin kallonsa da sharhin da ke ƙasa duk suna nan yadda suke, abin da na ji tsoro ke nan tun farko. Saura in san yadda zan gane ko canjin ya yi aiki.

Malam Bashir:
Ka rubuta ranar yau a wani wuri, kada ka taɓa hoton bangon ko wani abu daban na tsawon mako biyu zuwa uku, domin idan ka canza abu biyu a tare ba za ka san wanda ya yi tasiri ba. Bayan haka ka kwatanta kafin da bayan, kana duban masu zuwa ta nema kaɗai, ba waɗanda ka tura wa ta WhatsApp ba. Idan `Impressions`, wato sau nawa aka nuna bidiyon, bai motsa ba, to ko dai jimlar ba ita mutane ke rubutawa ba, ko masu nemanta da Hausa ba su da yawa, sai ka gwada ta biyun da ka ambata, ta danne caja. Idan ana nuna shi amma ba a dannawa, laifin yana rabin taken na biyu ko a hoton. YouTube ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi kason dannawarsu yana tsakanin 2 da 10 cikin ɗari, amma da ƙaramin adadi irin naka kada ka yanke hukunci da lambar kwana ɗaya ko biyu. Idan kuma ana dannawa amma ana fita cikin daƙiƙa 30 na farko, to taken ya yi alkawarin da farkon bidiyon bai cika da wuri ba. A minti na nawa ka fara nuna ramin cajin?

Auwalu Mai Gyara:
Na duba yanzu, sai a minti ɗaya da daƙiƙa 40. Kafin nan gaisuwa ce, da godiya ga maigidana da ya koya mini aiki, da roƙon a bi tashar. Akwai wurin datsa a `Editor` na YouTube Studio, amma tunda ka ce kada in canza abu biyu a tare, zan bar shi haka har mako ukun su cika, sannan in kawo muku lambobin a nan kafin in yanke gaisuwar.